Abin da aka tattaro kan ƙarin ƙiba ga mai rama

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Masana abinci sun daidaita kan ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana bisa abin da mutum ya saba ci. Gyaɗa soyayya cikin tafin hannu, wajen giram 30, tana ba da kusan 170. Cokalin man gyaɗa ɗaya a kan wake da shinkafa ya kai 120, ƙwai ɗaya wajen 70. Waɗannan uku sun isa.

Fura da nono kuwa a sha ta bayan abinci, don in ta riga tuwo shiga ciki, wuri ya ƙare. A hau kilo sau ɗaya a mako, da safe. Ƙarin rabin kilo a mako ya wadatar. Ƙwayoyin ƙiba na 'yan tebur, irin su dekisametazon, kumbura fuska suke yi, su ɗaga sukari. Mai rama da tari ko zawo ya fara da asibiti.