Bayanin bidiyon tuwon shinkafa: me ya yi muku aiki?

Rabi, Aboabo

Assalamu alaikum. Na ɗauki bidiyon tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, tsawonsa minti 11, kuma abin da ya rage shi ne rubutun da ake sawa a ƙarƙashinsa a YouTube. Ina so kayan girkin da lokutan su fito fili, sannan wanda ya nemi girkin da Hausa ya same shi. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗi yadda suka rubuta nasu da abin da ya biyo baya.

Hajiya Mariya, Asawase

Wa'alaikumus salam, 'yata. Abu na farko da za ki rubuta a jerin kayan girki shi ne irin shinkafar da kika yi amfani da ita, domin yawan ruwa da tsawon dahuwa duk a kanta suka dogara. A nan Kumasi yawancinmu da shinkafa mai ƙamshi muke tuƙa tuwo, ko kuma farar shinkafar gida da ake kawowa daga Tamale, kuma dukansu suna nuna su yi danƙo. Amma wadda ta ɗauko shinkafar da aka turara tun tana shanshera, irin ta dafa-duka, za ta sha tuƙi har kafaɗarta ta yi ciwo, ƙwayar ba za ta haɗe ba, kuma da ta mulmula sai malmalar ta wargaje. Na ga wannan ƙorafi a ƙarƙashin bidiyona sau da yawa lokacin da kalmar shinkafa kawai na rubuta, ya kuma ragu bayan na bayyana irin wadda ake nufi da irin wadda ba ta yi.

Sai ma'auni. Kada ki rubuta olonka, domin mai kallo daga Kano ko Zinder ba ta san shi ba, kamar yadda mu ma ba mu auna da mudu. Ki rubuta kofi, ki ce da kofin da aka auna shinkafa za a auna ruwa. Ni ina rubuta kofi 2 na shinkafa mai ƙamshi da kofi 6 na ruwa, sannan in ƙara cewa a ajiye ruwan zafi a gefe, domin tsohuwar shinkafa ta fi sabuwa shan ruwa.

Abdul Karim, Nima

Hajiya ta yi magana a kan girki, ni kuma ina ganin abin da Rabi take nufi da lokuta shi ne alamomin da ke raba bidiyo kashi-kashi. Ni nake ɗora wa yayata bidiyoyinta, kuma sharuɗɗan YouTube a kan wannan guda uku ne: alamar farko ta fara daga `00:00`, alamomin su kai uku ko fiye a jere, kuma kowane kashi kada ya gaza daƙiƙa 10. Idan ɗaya ya saɓa, rabe-raben ba za su fito a kan layin bidiyon ba. Ga yadda zai iya kasancewa a bidiyo mai minti 11:

```
00:00 Irin shinkafa da ma'auni
01:20 Wankewa da ɗora tukunya
04:05 Yadda ake gane ta yi laushi
06:30 Tuƙawa da muciya
09:10 Sulala da mulmulawa
```

Abin da na lura shi ne mutane sukan tsallaka kai tsaye zuwa wurin tuƙi, don haka sunan wannan kashin ya kamata ya zama a sarari.

Rabi, Aboabo

Yaya Abdul Karim, na gode, amma lokacin dahuwa nake nufi. Yanzu dai na ga duka biyun ana bukata.

Hajiya Mariya, Asawase

Ana bukatarsu, amma kada ki haɗa su a wuri ɗaya, domin akwai wadda za ta ga 04:05 ta ɗauka cewa minti huɗu shinkafa take yi a wuta. Lokacin girki ki rubuta shi cikin jimla, tare da irin wutar da kika yi amfani da ita. A kan gas, da matsakaiciyar wuta, shinkafa mai ƙamshi kofi 2 takan yi laushin tuwo cikin minti 25 zuwa 35 bayan ruwa ya tafasa, tuƙi ya ɗauki kamar minti 5, sannan a rufe a bar shi ya sulala wasu minti 5 a ƙaramar wuta. A murhun gawayi lissafin yakan canza, tun da wutar tana ƙarfi da farko ta kuma yi sanyi daga baya. Saboda haka kowane lokaci da kika rubuta, ki bi shi da alamar da ido ko hannu zai gane: a murza ƙwaya tsakanin yatsu, idan ta narke ba tare da wani tsaki-tsaki a tsakiyarta ba, kuma ruwan ya kusa tsotsewa, to lokacin muciya ya yi.

Malam Isa, Madina

Game da yadda za a same ki, ni dabarata ita ce a ƙarshen bayani ina jera duk kalmomin da mutum zai iya nema, har layi goma. Ina sa tuwo shinkafa da tuwon shinkafa, ina sa omo tuo, wato sunan tuwon shinkafa da yaren Twi, ina sa tuo zaafi da waakye, tun da masu neman su suna da yawa a Ghana. YouTube ya ba da damar haruffa 5,000, ban ga dalilin barin wurin fanko ba.

Abdul Karim, Nima

Malam, rabin farko na yarda da shi, domin gaskiya mutane suna rubuta sunan ta hanyoyi da dama. Amma jera kalmomi haka kawai a cikin bayani yana cikin abin da dokokin YouTube suka hana, kuma sa waakye a bidiyon da babu waakye yana jawo mutumin da zai shigo ya fita cikin daƙiƙa kaɗan. Tuo zaafi ma wani girki ne daban, da garin masara ko gero ake yinsa. Abin da muke yi shi ne mu sa kalmomin neman a cikin jimlolin farko guda biyu, domin su ne ake gani kafin a danna a buɗe sauran. Misali: "Yadda ake tuƙa tuwon shinkafa mai laushi ba tare da gudaji ba, da miyar gyaɗa. Wannan shi ne omo tuo da ake ci ranar Lahadi a Kumasi da Accra, an yi bayaninsa da Hausa." A YouTube Studio kuma, ƙarƙashin `Analytics`, ana nuna kalmomin da mutane suka rubuta suka iso ga bidiyo. A namu mun ga masu rubuta "yanda ake" a maimakon "yadda ake", kuma kusan babu mai sa haruffa masu lanƙwasa, "tuka" suke rubutawa. Don haka mukan bar daidaitaccen rubutu a bayani, mu sa sauran siffofin a akwatin `Tags`, wanda dama don irin wannan bambancin rubutu ya fi amfani.

Zainabu, Sabon Zongo

Ni matsalata daban ce. Da na sa omo tuo a take, masu kallo sun ƙaru, amma da yawa ba su jin Hausa, sai su cika wurin sharhi da tambayar me nake cewa. Da na cire shi kuma, kallo ya ragu, sai dai waɗanda suka zo suna kaiwa ƙarshen bidiyo. Yanzu a bayani kawai nake barinsa, kuma har yau ban tabbata na yi daidai ba.

Malam Isa, Madina

Ni da zan bar shi a take, in ƙara jerin kayan girki da Turanci a ƙasa, tun da hannu da tukunya kowa yana gani.

Rabi, Aboabo

Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan rubuta irin shinkafa da ma'aunin kofi yadda Hajiya ta ce, in raba lokacin girki da alamomin bidiyo, in kuma bar omo tuo a jimla ta biyu tukuna. Hajiya, wata tambaya ta rage: na jiƙa shinkafar tun kafin in fara ɗauka, kuma hakan bai fito a bidiyon ba. Shin in rubuta lokacin jiƙon a bayani, tun da ya rage mini lokacin dahuwa?