Karamar laftof da taskbar: abin da 'yan uwa suka ce

Jiya a shagon gyaran kwamfuta nan Garwa an dade ana muhawara kan laftof mai inci 11, irin mai 1366x768, wadda taskbar ke cinye mata kasa. To ga abin da na tsinta.

Malam mai gyaran ya ce a fara duba wace Windows ce, don a nan ake rudewa. In Windows 10 ce, ka danna dama a kan taskbar, ka shiga "Taskbar settings", a "Taskbar location on screen" ka zabi Left ko Right, sai ta koma gefe, kuma ni ma na yarda da shi domin allon nan fadi gare shi, tsayi ne ke karanci. A wurin nan kuma akwai "Use small taskbar buttons", sai dai in tana kasa kwanan wata zai bace, agogo kawai zai rage. A Windows 11 yadda ta fito a 2021 babu zabin kai ta gefe, don haka wani dalibi ya ce shi dai boye ta yake da "Automatically hide the taskbar".

Gumakan kan allo kuwa, rike Ctrl ka murza tayar linzami baya, za su kankance.

Batun kala, wata 'yar uwa ta ce ta zabi shudi a Personalization > Colors amma taskbar ta ki canzawa. Dalili shi ne Windows dinta na kan Light, zabin sa kala a taskbar ba ya dannuwa sai an mai da ita Dark, ko Custom da Windows mode a Dark.