Alaƙar jarina biyu ta sauko daga 0.8 zuwa −0.5, amma riba ba ta motsa ba: ina kuskuren?

Nasiru: Assalamu alaikum. Ina neman shawara kan lissafin raba naira miliyan ɗaya tsakanin jari biyu. Na farko, A, ribar da ake tsammani 18% a shekara, sigma, wato ma'aunin tangal-tangal ɗin riba, 25%. Na biyu, B, riba 10%, sigma 15%. Na zuba 60% a A, 40% a B. Da korileshan, wato alaƙar tafiyar jarin biyu, yake 0.8 na samu riba 14.8%. Da na mayar da shi −0.5, kamar yadda alƙaluman watanni 12 na baya suka nuna, ribar ta tsaya a 14.8%, sigma kuma 21% nake samu duka biyun. Ina na yi kuskure? Kuma in canza rabon ko in bar shi?

Auwalu: Wa alaikumus salam. Ni a ganina ribar ce ka ɓata. Idan korileshan ya faɗi ƙasa da sifili, ma'anarsa in ɗaya ya ci riba ɗayan ya yi asara, to dole su cinye juna, ribar ta ragu. Sigma ma dole ta sauka, a nan kam akwai matsala a lissafinka.

Hajiya Binta: Auwalu, rabin maganarka ta biyu daidai ce, ta farkon kuwa a'a. Nasiru, ribarka 14.8% ba kuskure a cikinta, kuma haka ya kamata ta tsaya. Ribar da ake tsammani ba ta san korileshan ba sam, kason kowane jari ne kawai ake ninkawa da ribarsa: 0.6 sau 18 ya ba da 10.8, 0.4 sau 10 ya ba da 4.

Abin da korileshan yake aunawa shi ne yadda kowane jari yake kaucewa daga nasa matsakaicin, ko suna kaucewa gefe guda a lokaci guda, ko kuwa ɗaya na sama da nasa lokacin da ɗayan ke ƙasa da nasa. Bari mu ɗauka shekara iri biyu ce kawai, kowacce da rabin yiwuwa. A zai ba da 43% ko −7%, wato 18 a ƙara ko a rage 25. B zai ba da 25% ko −5%. Idan shekarunsu masu kyau suna haɗuwa, miliyanka zai kawo ribar naira 358,000 a shekara mai kyau, asarar naira 62,000 a maras kyau. Idan kuma suna saɓawa, shekarar da A ya yi 43% B ya yi −5%, ka samu 238,000; shekarar da A ya yi −7% B ya yi 25%, ka samu 58,000. Ɗauki matsakaici a kowane hali, 148,000 ne. Kuɗin da ke tsakiya bai motsa ba. Tazarar da ke tsakanin shekara mai daɗi da mai wuya ce ta matse, daga 420,000 zuwa 180,000.

Kuskurenka yana wajen sigma. Wannan 21% ɗin na gane daga inda ta fito: ka yi 0.6 sau 25, ka haɗa da 0.4 sau 15, ka yi wa sigma irin lissafin riba. Wannan yana zama gaskiya ne kawai idan korileshan ya cika 1 cif. Sai ka bi ta bariyans tukuna, wato sigma sau kanta:

```
σp² = (wA·σA)² + (wB·σB)² + 2·ρ·(wA·σA)·(wB·σB)
    = 15² + 6² + 2·ρ·15·6
    = 261 + 180·ρ
```

Duba da kyau, 261 ɗin nan ba ya canzawa, duk abin da korileshan zai yi a cikin 180 ɗin yake yinsa. A 0.8, bariyans 405 ne, tushensa ya ba da sigma kusan 20.1%. Ka ga ragin da ka samu daga 21% bai kai maki ɗaya ba, jari biyu ne a suna amma kusan ɗaya ne a tafiya. A sifili, 261, sigma 16.2%. A −0.5 ana cire 90, saura 171, sigma 13.1%. Wato haɗin naka, duk da 60% nasa yana cikin jari mai tangal-tangal sosai, ya fi B shi kaɗai natsuwa, kuma ya fi shi riba da maki 4.8.

Auwalu: Na karɓa, Hajiya. To idan haka ne, a −1 haɗari ya ƙare kenan gaba ɗaya.

Hajiya Binta: Ba a kowane rabo ba. A rabon Nasiru, 261 a cire 180 saura 81, sigma 9%, kamar yadda misalin shekaru biyun ya nuna. Kafin ta zama sifili sai kason A sau sigmarsa ya yi daidai da kason B sau tasa. Hakan na faruwa a 37.5% da 62.5%, kowane ɓangare ya ba da 9.375, riba kuma 13%. A kasuwa ba za ka samu −1 tsakanin jari biyu masu zaman kansu ba, iyakar lissafi ce kawai.

Malam Sule: Ni dai abin da na sani, kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Kuɗina rabi a hannun jarin banki ɗaya, rabi a wani bankin, to ai na raba. Nasiru ya yi rabi da rabi ya huta.

Injiniya Kabiru: Malam Sule, bankuna biyu a ƙasa ɗaya kuɗin ruwa ɗaya suke kallo, canjin kuɗi ɗaya, dokar babban banki ɗaya. Wannan rabon yana kare ka daga matsalar da ta shafi banki ɗaya kaɗai, amma abin da ya taɓa harkar banki duka zai taɓa su tare. Ka fi kusa da halin 0.8 ɗin da ake magana.

Nasiru, kan tambayarka ta canza rabo. Akwai kason A da ke ba da bariyans mafi ƙanƙanta:

```
wA* = (σB² − ρ·σA·σB) / (σA² + σB² − 2·ρ·σA·σB)
```

A −0.5, sama 225 da 187.5 sun ba da 412.5, ƙasa 850 da 375 sun ba da 1225, sakamako kusan 34% a A, 66% a B. Sigma ta sauko 9.3%, riba 12.7%. Idan ka kwatanta da rabonka na yanzu, ka ba da maki 2.1 na riba don ka rage maki 3.8 na sigma. Ko wannan ciniki ya yi maka, kai ka san lokacin da za ka buƙaci kuɗin.

A 0.8 kuwa abin da ke fitowa shi ne −0.3. Mutane da yawa suna ganin alamar ragin su ɗauka sun yi kuskure. Ba kuskure ba ne, lissafin yana cewa ka aro A ka sayar, ka ƙara kuɗin a B. Idan ba ka yin irin wannan ciniki, mafi ƙarancin haɗari shi ne kuɗin duka a B, sigma 15%. Akwai iyaka mai sauƙin riƙewa: raba ƙaramar sigma da babba, 15 bisa 25, ya ba da 0.6. Muddin korileshan yana sama da 0.6, duk naira da ka matsar daga B zuwa A tana ƙara haɗari. Sai ya sauko ƙasa da 0.6 ne ɗan A yake rage haɗarin B.

Nasiru: Na gode Hajiya, na gode Injiniya. Na gyara, 13.1% ta fito. To in koma 34 da 66 kenan?

Dakta Maryam: Ƙanina, dakata tukuna. Duk lissafin da aka yi maka daidai ne, amma an ɗora shi kan −0.5 ɗin da ka ciro daga watanni 12, kuma nan ne damuwata. Alƙaluma 12 sun yi kaɗan ƙwarai. Idan aka yi masa gwajin Fisher a matakin 95%, korileshan na gaskiya zai iya kasancewa ko'ina daga −0.83 zuwa +0.10. Ko tabbacin yana ƙasa da sifili ba ka da shi. Da watanni 60 ne suka ba da −0.5 ɗin, tazarar za ta matse zuwa −0.67 da −0.28, a nan mutum zai iya jingina.

Kafin ma wannan, duba abin da ka saka a `CORREL` na Excel. Idan farashi ka saka kai tsaye, zubar da sakamakon. Farashi biyu da ke hawa a tsawon lokaci za su nuna alaƙa mai ƙarfi ko da babu abin da ya haɗa su, musamman inda hauhawar farashi ke ɗaga komai. Fara fitar da ribar kowane wata, farashin jarin biyu a ginshiƙin B da C, ribarsu a D da E, sannan ka auna:

```
=B3/B2-1
=CORREL(D3:D62,E3:E62)
=STDEV.S(D3:D62)*SQRT(12)
```

Sigmar wata ana ninka ta da tushen 12 kafin ta zama ta shekara, korileshan kuwa ba a ninka shi da komai. Ka kuma tabbata jarin biyu da kuɗi iri ɗaya ka auna su. Wanda ya auna jarin dala da naira a watannin da suka haɗa da Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji, zai ga tsalle ɗaya babba a ribar wannan jarin. A cikin alƙaluma 12, wata ɗaya irin wannan ya isa ya juya alamar korileshan shi kaɗai. Cire watan da ya fi kowanne tsalle ka sake aunawa, idan −0.5 ya koma kusa da sifili, wata ɗaya ka auna. Haka hannun jarin da ba a cika cinikinsa ba, farashinsa kan zauna wuri ɗaya kwana da kwanaki, sai sigmarsa da alaƙarsa su fito ƙanana fiye da gaskiya.

Sannan gwada 34 da 66 ɗin a ranar da alaƙar ta koma 0.8. Ɓangarorin 8.5 ne da 9.9, bariyans kusan 305, sigma 17.5%. Wanda ya tsara rayuwarsa kan 9.3% zai tarar da kusan ninki biyu. Wannan ya faru a babbar kasuwa: a Amurka, hannun jari da takardun lamunin gwamnati sun shafe kusan shekara ashirin daga farkon 2000 yawanci suna saɓawa, sai a 2022, da hauhawar farashi ta sa aka ɗaga kuɗin ruwa, suka faɗi tare. Ma'aunin hannun jari na S&P 500 ya yi asarar kusan 18% har da ribar da aka raba, babban ma'aunin takardun lamuni kusan 13%. Shawarata, zaɓi rabon da za ka iya jurewa a 0.8, duk abin da −0.5 ya kawo ya zama ƙari.

Injiniya Kabiru: Dakta, na yarda watanni 12 sun yi kaɗan, amma watanni 60 ma suna da tasu illa. Idan da gaske wani abu ya canza a shekarar da ta wuce, shekara biyar za ta gauraya tsohon hali da sabo, ta ba da lamba wajen rabi wadda ba ta dace da ko ɗaya ba. Ni zan fi so ya auna watanni 36 masu tafiya, ya zana ya ga ko saukar a hankali ta zo ko dare ɗaya.

Hajiya Binta: Akwai kuma abin da na bari ɗazu. Na ce riba ba ta motsi da korileshan, wannan a cikin lissafi ne, inda muka riƙe 18 da 10 a wuri ɗaya. A kasuwa, jarin da aka gane yana tashi lokacin da sauran ke faɗuwa, masu saye kan yi masa rububi, farashinsa ya hau, ribarsa ta gaba ta ragu. Don haka 10% na B ma abin sake dubawa ne. Nasiru, faɗa mana wane irin jari ne A da B, kuma me ya faru a watannin nan 12 da zai sa su daina tafiya tare. In ba a samu dalili ba, ni ba zan taɓa rabon ba.

Nasiru: To Hajiya. Na duba, ribar wata na saka, ba farashi ba. Amma B ɗin da dala ake ƙimanta shi, ni kuma na juya shi naira. Zan cire watan da ya fi tsalle, in auna na watanni 36 da na 60, in kawo muku duka ukun.