Garantin shekara 25 na fanel ɗin sola: gaskiya ne ko damfara?

Baban Ummi: Jama'a assalamu alaikum. Raina a ɓace yake. Fanel huɗu na saya, kowanne wat 550, jimla 2,200, mai shagon ya ce min garantin shekara 25 ne. Yanzu shekara uku kenan, inbata ba ta nuna min abin da ya wuce 1,500 ko da tsakar rana. Na koma wurinsa ya ce shi ba ruwansa, kamfani ne ya ba da garanti. Wallahi wannan garantin damfara ce, a faɗa wa mutane gaskiya.

Alhaji Mai Shago: Wa alaikumus salam. Malam ka ji tsoron Allah da kalmar damfara. Sana'ar mutane ce kake magana a kai, da ita muke ciyar da iyali. Ɗan damfara shi ne wanda ya karɓi kuɗinka ya gudu. Kai an ba ka kaya, shekara uku kana shan wuta, sannan ka ce an damfare ka?

Ɗan Zinder: Alhaji, damfara ba sai an gudu ba. Wanda ya sayar maka da buhu ya ce kwano arba'in ne, ka auna ka ga talatin, ko yana zaune a shagonsa har gobe ya cuce ka.

Alhaji Mai Shago: To ka ce cuta, kada ka ce damfara. Akwai bambanci.

Ɗan Zinder: Wanda kuɗinsa ya tafi bai san wannan bambancin ba.

Maman Sadik: Ni dai ina bayan Baban Ummi. Nima haka aka ce min shekara 25, na sa firiza ina ƙanƙara. Ko shekara biyu ba a yi ba batiran suka mutu, ƙarfe goma na dare komai ya ɗauke. Ina shekara 25 ɗin?

Injiniya: Hajiya, naki daban ne. Ba a saba ba batir garantin shekara 25 ba, na fanel ne, wanda ya haɗa miki su a baki ɗaya shi ya yi miki ba daidai ba. Baban Ummi, mu koma kan naka. Takardar da manyan kamfanoni ke bayarwa garanti biyu ne a ciki, mutane na haɗa su wuri ɗaya. Na farko na jikin kayan ne, wato idan gilashi ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa, ko ruwa ya shiga, ko akwatin wayar da ke baya ya ƙone saboda kuskuren ƙira. Wannan yawanci shekara 12 ne, wasu 15. Na biyu shi ne na ƙarfin wuta, shi ne mai shekara 25, kuma bai taɓa cewa fanel zai ci gaba da ba da wat 550 ba. Abin da ya ce shi ne raguwar ba za ta wuce wani mizani ba. Ga irin fanel ɗinka, yawanci an rubuta kashi 2 cikin ɗari a shekarar farko, sannan kashi 0.55 kowace shekara bayan nan. Idan ka lissafa, a ƙarshen shekara ta uku alƙawarinsu wat 533 ne, a shekara ta 25 kuma kashi 84.8, kusan wat 466.

Baban Ummi: To ai ka ga maganata ta fito. 533 sau huɗu ya haura 2,100. Ni 1,500 nake gani. Sun karya alƙawari tun yanzu.

Injiniya: Ba su karya ba tukuna, saboda ba a kan rufinka suka yi alƙawarin ba. Duba takardar da ke manne a bayan fanel ɗin, za ka ga an rubuta STC. Ma'anarsa an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, jikin fanel ɗin kuma yana digiri 25 kacal. A kan kwano a watan Afrilu fanel na kai digiri 60, ka taɓa ka ji. Irin naka yana rasa kamar kashi 0.35 a kan kowane digiri ɗaya da ya ɗara 25. Digiri 35 kenan na ƙari, kusan kashi 12 sun tafi. 533 ya koma wajen 469, huɗun su ba ka 1,870 da 'yan kai, kuma wannan idan suna da tsabta tas, rana ta fito sosai. A ce ƙura ta ci kashi goma, hazo ya rage hasken da wani kashi goman, ka sauko wajen 1,500 ba tare da komai ya lalace ba. Sannan abin da inbata ke nunawa abin da ake ja ne. Idan batir ya kusa cika kuma kayan da ke kunne ba su da yawa, da kanta take rage abin da take karɓa. Zafi da ƙura ba tsufa ba ne, ka wanke, gari ya yi sanyi, wutar ta dawo. Tsufa shi ne wanda ba ya dawowa.

Ɗan Zinder: Kun ji ko? An yi alƙawari a digiri 25, an kawo kaya ƙasar da inuwa ma take wuce 40. Idan wannan ba damfara ba ce, mece ce?

Alhaji Mai Shago: Ka dawo kan kalmar nan kuma. A rubuce yake a jikin kayan, laifin wa ne in ba a karanta ba?

Malamin Firamare: Ni abin da na sani, garantin kashi 80 ne a shekara 25, kuma da ta cika fanel ya gama aiki, sai a zubar. Duk waɗannan 'yan China ne suka ɓata harkar. Da ɗan Jamus ka saya da ba ka zo nan kana kuka ba.

Injiniya: Malam, kashi 80 ɗin gaskiya ne amma tsohon tsari ne, kashi 90 a shekara goma, 80 a shekara 25. Sababbin da ake rubuta wa N-type ma har shekara 30 ake ba su, kashi 1 a shekarar farko, 0.4 a kowace shekara, su tsaya a 87.4. Zancen zubarwa kuma babu shi. Akwai tashar sola a Lugano ta ƙasar Suwizalan da aka haɗa a 1982, ta wuce shekara 35 tana ba da wuta. Cibiyar NREL ta Amurka ta tattara awo kusan dubu biyu daga wurare daban-daban, tsaka-tsakin raguwar ya kama kashi 0.5 a shekara. Sai dai a ƙasashe masu zafi irin namu ya fi haka sauri, wannan ba na musu a kai.

Alhaji Mai Shago: Kuma Malam, akwai abin da ake sayar muku da sunan ɗan Jamus da a China aka yi shi, tuta kawai aka manna. Kamfanin SolarWorld na Jamus ɗin ma ya karye tun 2017.

Malamin Firamare: Kai kake sayar da 'yan China, dole ka ce haka.

Alhaji Mai Shago: Kai kuma wayar da kake rubutu da ita 'yar ina ce?

Mai Haɗa Sola: Alhaji, kun iya kare kanku, amma ku faɗi ɗaya gefen. Mu ne muke hawa rufi. Akwai fanel da ake cire masa takardar baya a manna wata mai lamba babba. Ɗan 550 na gaske tsayinsa kusan mita 2.28 ne, faɗinsa mita 1.13. Idan naka bai kai haka ba kuma an rubuta 550, ba tsufa ya yi ba, tun ranar farko ƙarya ce. Baban Ummi ka sa tef ka auna kafin komai.

Alhaji Mai Shago: Ku ma ai kuna taka fanel da ƙafa in kuna ɗaurawa, ya tsattsage ta ciki inda ido ba ya gani, bayan shekara biyu a ce kayanmu ne ba kyau. Ga siririyar waya, ga haɗi sakwa-sakwa.

Mai Haɗa Sola: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba Alhaji. Ni ban taɓa taka kayan mutum ba.

Baban Ummi: Ku bar faɗan nan don Allah. Na hau na duba, girman ya yi daidai. Amma ɗaya daga ciki akwai wani tabo ruwan ƙasa a bayansa kamar an ɗora dutsen guga. Kuma shekarar farko ina ganin 1,850 a irin wannan lokacin.

Injiniya: To yanzu ka zo da magana. Wannan tabon alamar wani ɗan gida ɗaya a cikin fanel ɗin yana ɗaukar zafi fiye da sauran, ko saboda tsagewa, ko inuwa ko kashin tsuntsu da ya daɗe a wuri ɗaya. Idan a jere ɗaya aka haɗa huɗun, mai rauni yana iya jan sauran ƙasa. Ka sa mai aikinka ya kashe komai, ya raba su, ya wanke, ya auna kowanne shi kaɗai da tsakar rana. Voc, wato bolt ɗin da fanel ke bayarwa in ba a haɗa shi da komai ba, na irin naka yana kusa da bolt 50 a takarda, a cikin zafi zai ga kamar 45. Idan ukun sun ba da 45, mai tabon ya ba da kusan 30, to ɗaya daga cikin diyod uku na akwatin baya ya lalace, sulusin fanel ɗin ba ya aiki. Ya auna Isc ma, wato amfiyar da ke bi in an haɗa wayoyin fanel ɗin biyu kai tsaye, amma ya tabbatar mitarsa tana ɗaukar amfiya 14, da yawa a 10 suke tsayawa. Wannan matsalar, idan kuskuren ƙira ne, a ƙarƙashin garantin shekara 12 take, ba na 25 ba, kuma ta fi sauƙin nunawa tunda hoto ma ya isa a fara magana.

Maman Sadik: In an nuna ɗin, kuɗinsa za su mayar masa?

Injiniya: Nan ne nima nake ganin takardar ba ta yi wa ƙaramin mai saye adalci ba. Kamfani ne ke zaɓa: ko ya gyara, ko ya canza, ko ya ƙara maka fanel da zai cike giɓin wat ɗin, ko ya biya kuɗin giɓin kawai. Idan alƙawari 533 ne aka auna aka ga 500, bashin da kake bin su wat 33 ne. Yawanci ba sa biyan kuɗin saukewa da ɗaurawa. Kuma ba sa karɓar awon inbata, sai na ɗakin gwaji da suka amince da shi, kuɗin kai fanel ɗaya can yana iya fin kuɗin sabo. Suna neman rasit da lambar da ke jikin kowane fanel. Tsawa, ɗaurin da ya saɓa wa umarninsu, ko goge lambar, duk suna soke garantin.

Ɗan Zinder: Alƙawarin da ba za ka iya karɓa ba, me sunansa? Ni ban janye ba.

Alhaji Mai Shago: Bari in taƙaita tunda an yi nisa. Injiniya ya tabbatar da cewa 1,500 daidai ne, zafi ne da ƙura, kuma tabon nan daga wurin masu ɗaurawa ya fito. Saboda haka babu damfara, Baban Ummi ya janye kalmarsa ya riƙa wanke fanel ɗinsa.

Mai Haɗa Sola: Wa ya ce daga wurin masu ɗaurawa ne? Injiniya bai faɗi haka ba.

Baban Ummi: Ban janye komai ba sai an auna. Injiniya, rasit ɗin da ke hannuna "sola guda 4" kawai aka rubuta da kuɗin, babu lambar ko ɗaya. Da wannan zan iya zuwa wurin dillalin kamfanin, ko sai mai shagon ya sake rubuta min?