Tsayayyen lokaci ko layin jira: wanne ya dace da sanarwa mai wa'adi?

Ina kula da shafin wata ƙungiya, inda muke wallafa rubutu sau uku a rana. Da farko ina sa wa kowane rubutu ranarsa da sa'arsa, amma duk lokacin da aka soke guda ɗaya sai gurbinsa ya zauna fanko. Na koma amfani da layin jira, wanda ke tura rubutu zuwa gurbi na gaba da ba a cike ba. Giɓin ya toshe, sai dai da na cire rubutu biyu daga gaba, sanarwar taron da na shirya wa Juma'a ta matso ta fita ranar Alhamis, alhali a cikinta an rubuta "yau".

Don Allah, idan na tsayar wa sanarwa lokacinta, na bar sauran a layi, ta yaya zan hana su fita a sa'a ɗaya?