Yadda za a kwashe sakamakon gwajin jini daga hoto zuwa jadawali

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Ina da hotunan takardun gwajin mahaifinmu na sukari da na ƙoda waɗanda ƙannena suke turo mini daga gida, kuma likita ya nemi a haɗa masa su a jadawali ɗaya domin ya ga yadda al'amarin yake tafiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gwajin ƙoda, a takarda ɗaya an rubuta Creatinine 1.4, a ta wani asibitin kuma an rubuta 128. Ina neman shawararku kan hanyar da zan bi in kwashe su ba tare da na ɓata lissafi ba.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ki duba mana abin da aka rubuta a gaban kowace lamba, domin da wuya a ce ma'auninsu ɗaya ne.

Maman Khalifa: Ta farko an sa mg/dL, iyakar da aka buga a gefe kuma, wato inda ake sa ran lambar mai lafiya ta tsaya, 0.7 zuwa 1.3. Ta biyu an sa µmol/L, iyakarta 60 zuwa 110.

Malamin Ɗakin Gwaji: To Hajiya, hankalinki ya kwanta, domin lambobin nan biyu kusan abu ɗaya suke faɗa. Idan aka ninka 1.4 da 88.4, wato lambar da ake juya Creatinine da ita daga mg/dL zuwa µmol/L, za a sami kimanin 124, wanda bai yi nisa da 128 ba, kuma kowanne ya ɗan haura iyakar da aka buga a takardarsa, abin da likita ne zai yi hukunci a kansa. Shawarata ita ce kowane gwaji ya sami layinsa guda, da gurbin ranar da aka ɗebi jinin, da sunan gwajin yadda aka rubuta shi, da lambar, da ma'aunin, da ƙaramar iyaka, da babbar iyaka, da wurin da aka yi gwajin. Kada ki kwashi lambobi duka daga sama zuwa ƙasa sannan ki dawo kan ma'auni. Ki gama layi ɗaya daga hagu zuwa dama kafin ki sauka, saboda hoton da aka ɗauka a karkace yakan sa lambar wani layi ta daidaita da iyakar layin da ke ƙarƙashinsa.

Baban Ummi: A sanina hanya mafi sauƙi ita ce a ninka duk lambar da ke da mmol/L da 18, sai komai ya koma mg/dL, jadawalin ya zama bai ɗaya.

Malamin Ɗakin Gwaji: Alhaji, wannan 18 ɗin na sukari ne kaɗai. Kowane sinadari da nasa lissafin, na Cholesterol kusan 38.7 ne, kuma wanda ya yi masa amfani da 18 zai sami ƙasa da rabin abin da ya kamata.

Yaya Babba: Ni zan yi magana ne a kan manhajojin waya da ke ciro rubutu daga hoto, domin abin da ya faru a gidanmu bai kamata ya sami wani ba. An tura wa wani yaro mai shagon buga takardu hoton sakamakon gwoggonmu don ya mayar da shi jadawali, shi kuwa ya bar wa manhaja aikin bai sake dubawa ba. Takardar an naɗe ta, kuma layin naɗin ya ratsa daidai kan ɗigon da ke tsakanin 5 da 6, sai sukarinta na kafin karin kumallo, wanda yake 5.6 mmol/L, ya fito 56. Gurbin ma'auni da na iyaka kuwa ya cire su gaba ɗaya, wai don jadawalin ya shiga shafi ɗaya. Da takardar ta iso hannun 'yarta, wadda ta saba da na'urar gida mai nuna mg/dL, sai ta ɗauka sukarin ya faɗi ƙwarai, tunda ta san ƙasa da 70 abin tsoro ne, ta dakatar da maganin tsohuwar ta shiga ba ta shayi mai zaƙi, har sai da aka koma asibiti aka ɗauko takardar asali. Abin da ya sa kuskuren ya wuce ba a gane ba shi ne 56 lamba ce da za ta iya zama gaskiya a ɗaya ma'aunin. Da an bar iyakar 3.9 zuwa 5.5 a gefenta, ko yaro zai ga cewa 56 ba ta da alaƙa da wannan layin. Saboda haka ban hana kowa amfani da manhaja ba, amma duk lambar da ta ninka iyakarta sau goma, a koma kan hoton a buɗe shi sosai a nemi ɗigo.

Anti Nas: Allah Ya kyauta. Hoto ma a shimfiɗa takardar a ƙasa, a riƙe wayar daidai samanta, a kashe fitilar kyamara, kuma a turo shi ta Document idan ta WhatsApp ne, domin turawa ta hanyar hoto tana rage ingancinsa, ƙananan ɗigo su dushe.

Kawu na Sabon Gari: Tunda masana suna kusa, ni an ce PCV ɗina, wato gwajin yawan jini, 38 ne, shin ina buƙatar maganin ƙarin jini?

Anti Nas: Kawu, wannan tambaya ce ta likitan da ya tura ka gwajin, mu a nan jadawali muke haɗawa.

Ɗan Maraɗi: Ina so in ƙara abu ɗaya ga masu kai marasa lafiya tsakanin Katsina da wajenmu. A takardunmu da Faransanci ake rubutu, sukari shi ne Glycémie, sau da yawa da g/L ake bayar da shi, kuma waƙafi muke sawa a inda kuke sa ɗigo. Idan kun ga 1,26 g/L, daidai yake da 126 mg/dL, wato 7.0 mmol/L.

Mai Kwamfuta: Idan a Excel za ki yi, Hajiya, raba iyaka gida biyu da Malam ya ce yana da wani amfanin. In kika rubuta 4-11 a gurbi ɗaya, kamar yadda ake buga iyakar WBC, wato fararen ƙwayoyin jini, a wasu takardu, sai ya mayar da shi kwanan wata. Alamar µ kuma manhaja takan karanta ta a matsayin u ko m, alhali mmol ya ninka µmol sau dubu. Sakamako mai alamar < a gabansa, kamar <5, a kwashe shi da alamarsa, kada a rubuta 5 kawai.

Baban Ummi: Har yanzu ina ganin gara a ɗauko iyaka guda daga intanet a yi wa duk layukan amfani da ita, maimakon wannan takarda ta ce 110 wata ta ce 120.

Malamin Ɗakin Gwaji: Ban yarda da wannan ba, Alhaji. Iyaka tana bin na'ura da hanyar da aka yi gwajin, tana kuma bambanta tsakanin namiji da mace da yaro, shi ya sa kowane ɗakin gwaji yake buga tasa. A kwashi wadda ke kan takardar, in kuma ana son juya ma'auni, a yi shi a wani gurbi daban a bar na asali yadda yake.

Yaya Babba: Ni da za a bi tawa, ba za a juya komai ba, a bar wa likita.

Malamin Ɗakin Gwaji: Likitan da layin marasa lafiya yake jiransa ba lallai ya sami lokacin ninkawa da 88.4 ba, Yaya, gurbin ƙarin zai taimake shi.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai. Akwai takarda ɗaya ta rubutun hannu wadda na kasa bambance ko 7 aka rubuta ko 1, kuma hatimi ya hau kan ma'aunin.

Anti Nas: Ki bar gurbin babu komai, ki rubuta a gefe cewa bai karantu ba, sannan ki sa ƙaninki ya sake ɗauko hoton ko ya kai takardar ɗakin gwajin su duba rajistarsu.