Albaras ɗauka ake yi ko kuwa?

Maman Hanan: Jama'a, farin tabo ya fito wa 'yata a gefen ido da kan yatsu. Surukata ta ce dangin kuturta ne, a raba mata tawul da makwanci. Gaskiya ne?

Malam Sabo: Manya ba sa magana a banza. Na san gidan da uwa da ɗa duk suke da shi. In ba ɗauka ba, mene ne?

Anti Nas: Jini ne, Malam, ba ɗauka ba. Yakan bi dangi, shi ma ba kullum ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi, wurin ya koma fari fat. Babu ƙwayar cutar da za ta tsallaka jikin wani, ko tawul ɗaya ake amfani da shi. Maman Hanan, sa ta rufe ido ki shafa auduga a kan tabon. Na kuturta yakan mutu, ba a jin taɓawa, kuma dusashewa yake yi, ba ya yin fari sosai. Albaras kuwa ana jin komai. Amma dai likitan fata ne zai yanke hukunci.

Baffa: Ni ma na yi shi a ƙirji, man shafawa ya kore shi cikin 'yan makonni.

Anti Nas: Baffa, in ka sosa yana tashi kamar gari?

Baffa: Sosai.

Anti Nas: To kyasbi ka yi, wannan daban ne.

Yaya Binta: Ni dai na ji albaras ba shi da magani, a haƙura kawai.

Anti Nas: Wanda zai tumɓuke shi gaba ɗaya babu, amma launi na dawowa. Ana ba da man sitiroyid, sai dai in aka daɗe ana shafa shi a fuska fata kan yi siriri, shi ya sa gefen ido aka fi ba da wani man da ake kira takrolimos, safe da yamma. In ya bazu, akwai hasken UVB na asibiti, sau 2 ko 3 a mako. Sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Alamar ya kama, ɗigo-ɗigon baƙi ne a gindin gashi cikin tabon, don daga nan sababbin ƙwayoyin launi ke fitowa. Fuska na saurin karɓa, amma kan yatsu akwai taurin kai, gashi ya yi ƙaranci a can. A tambayi likita batun gwajin tayirod, wato gaɓar da ke gaban wuya mai haddasa maƙoƙo, don ciwonta da albaras sukan zo tare. A kuma kare wurin daga rana, yana saurin ƙonewa.

Yaya Binta: Ƙanwata ta yi hasken, fuskar ta cike, da ta daina ya dawo. Wahalar ba ta biya ba.

Anti Nas: Yakan dawo wa wasu, shi ya sa ake ci gaba da shafa man takrolimos sau 2 a mako bayan ya cike.

Malam Sabo: Ɗaukar na bar muku, amma hasken nan ga ƙaramar yarinya ban yarda ba.

Maman Hanan: Na gwada audugar, tana ji. Anti, ko za ki yi wa surukar tawa bayani da bakinki? Ni ba za ta saurare ni ba.